Cefanen Kullum Ko Na Mako? Abin Da Ilmin Halittu Ya Ce

Gabatarwa

A gidaje da yawa a ƙasar nan babu firiji, inda kuma yake akwai, sau da yawa ya zama akwatin ajiye kwanuka saboda rashin tsayayyar wutar lantarki. Firijin da aka ɗauke wa wuta ba ya riƙe sanyinsa fiye da awa huɗu, ko da kuwa ba a buɗe shi ba. Saboda haka maigida da uwargida kan shiga tsaka mai wuya. In an yi cefane kullum, ga tsadar sayen ɗai-ɗai ga kuɗin mota. In an yi na mako, ga fargabar ruɓewa. A wannan maƙala za mu nuna cewa tambaya guda ce ke warware matsalar, wato a dubi kowane abu da ke cikin kwandon cefane a ce: shin wannan yana da rai har yanzu, ko kuwa ya mutu?

Abin da ya mutu ba ya jira

Nama da kifi da ɗanyar madara ba su da sauran kariya. Muddin dabba tana raye, jikinta na yaƙar ƙananan halittun da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Da zarar an yanka ta, wannan yaƙi ya ƙare. Wuƙa da teburin mahauci da hannuwa da ƙudaje duk suna ɗora wa naman bakteriya, su kuwa su tarar da ruwa da abinci a wadace. Abu na uku da suke bukata shi ne ɗumi. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Santigireti, waɗanda ke sa mana cuta kuwa sun fi jin daɗin digiri 37, wato zafin jikin mutum. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafin ɗakin girki kansa yana kai wa nan, har ya wuce.

Bakteriya ba ta haihuwa kamar dabba, rabewa biyu take yi. In yanayi ya yi mata daɗi, takan rabe cikin minti 20 zuwa 30. Bari mu yi lissafi. Mu ƙaddara Malam ya sayi nama da ƙarfe 8 na safe, ya ƙulle shi a leda, ya rataya a babur ya wuce makaranta. Mu ce a lokacin akwai bakteriya 1,000 a kowane giram, kuma suna ninkawa duk bayan rabin awa. Da ƙarfe 10 sun zama 16,000. Da ƙarfe 12 sun kai 256,000. Kafin ya iso gida da ƙarfe 2 na rana sun haura miliyan 4. In uwargida ta bar naman sai ƙarfe 4 na yamma, to ana maganar fiye da miliyan 65. Gaskiya ne cewa bakteriya kan ɗan jinkirta kafin su fara rabewa a sabon wuri, amma naman da aka yanka tun asuba ya riga ya cinye wannan jinkiri a kan tebur.

Abin lura a lissafin shi ne, awoyin farko ba su da wata ɓarna mai yawa, na ƙarshe su ne masu haɗari. Wannan ne ya sa masana lafiyar abinci suka ce kada irin wannan abinci ya wuce awa biyu a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ke nan ba ranar saye kaɗai ce abin dubawa ba, har da sa'ar saye. Da Malam ya sayi naman a hanyarsa ta komawa gida, daga mahaucin da bai daɗe da yanka ba, aka kuma ɗora shi a wuta nan take, da an tsira daga yawancin wannan ninki.

Hanci ba alƙali ba ne

Mun saba da shinshina abinci mu yanke hukunci. Wari da yauƙi da sauyin launi alamu ne na gaskiya, amma ba sa bayyana sai bakteriya sun kai miliyoyi masu yawa. Bugu da ƙari, masu sa wari daban, masu sa cuta daban. Salmonela, mai haddasa zazzaɓi da gudawa, tana iya yawaita a naman kaza ba tare da ya yi wari ba.

Wani zai ce ai wuta tana kashe komai. Tafasa tana kashe bakteriya, amma akwai hanyoyi biyu da ake kuɓuce mata. Ta farko ita ce dafi. Akwai wata bakteriya mai suna Sitafilokokus da ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu lafiya. In ta shiga dafaffen abinci daga hannu, ta sami awoyi cikin ɗumi, takan zuba dafin da tafasa ba ta lalata shi. Wanda ya ci yakan fara amai cikin 'yan awoyi, ko da an ɗumama abincin sosai. Ta biyu ita ce ɓuya. Basilus siriyas, wadda ake samu a shinkafa, takan dunƙule cikin wani kwanso mai jure zafi. Bayan an sauke tukunya ta huce, sai ta farka ta ci gaba da rabewa, ita ma ta zuba nata dafin.

Saboda haka al'adar iyayenmu mata ta tafasa miya da dare da kuma da sassafe tana da tushe a kimiyya, amma da sharaɗi. Dole miyar ta tafasa sosai har tsakiya, ana juyawa, ba ɗumi kawai ba. Bayan an tafasa a rufe, kada a sake sa hannu ko cokalin da aka lasa. Shinkafa kuwa a dafa daidai ci.

In ya zama dole a sayi naman mako, misali a garin da kasuwa ke ci sau ɗaya, to a raba bakteriya da ruwan da suke bukata. A yanka shi ƙanana, a dafa da gishiri, a soya har ya bushe ƙayau, a ajiye a mazubi mai tsabta, a riƙa maimaita suyar. Hikimar kilishi da bandar kifi ke nan.

Abin da ke da rai yana numfashi

Tumatir da tattasai da gauta da albasa ba su mutu ba don an tsinke su. Suna ci gaba da shaƙar iskar oksijin, suna ƙona sukarin da suka tara, suna fitar da ruwa da zafi. Fatarsu kuma garkuwa ce. Matsalarsu ita ce an raba su da uwa, don haka abin da suka ƙona ba ya dawowa. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu ko uku. Tumatirin da aka bari a rana yana tsufa ne da gudu.

Daga nan za a gane kuskure uku da ake yawan yi. Na farko, ƙulle su a leda: ruwan da suke fitarwa ya taru, zafi ya ƙaru, fumfuna ta sami wurin zama. Na biyu, tara su a zurfafan kwando, na sama ya danne na ƙasa ya fashe. Inda fata ta tsage nan ruɓa ke shiga, daga nan ta kama maƙwabta. Na uku, haɗa nunanne da ɗanye. Tumatir da ayaba da mangwaro in suna nuna sukan fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke gaggauta nunar na kusa da su, ta kuma sa ganye ya yi rawaya.

Mai sayen tumatirin mako sai ya zaɓo shi hawa uku: ja na yau da gobe, mai ɗan ja na tsakiyar mako, da wanda ya fara sauya launi na ƙarshen mako. A shimfiɗa su a faifai cikin inuwa, kada wani ya hau wani, a duba kullum a cire mai tabo. Ɗanyen tumatir ma ba ya son firiji, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana hana shi nuna da kyau. Albasa kuwa busasshen wuri mai iska take so, kuma takan yi makonni. Ganye irin su alayyafo da latas suna da rai, amma faɗinsu ya sa ruwansu ke saurin tsanewa, don haka kwana ɗaya ko biyu ne iyakarsu.

Akwai kuma lissafin aljihu. A ce an sayi tumatir 40 a sari a kan kuɗin da zai sayi 30 a ɗai-ɗai. In 10 suka ruɓe kafin mako ya zagayo, ribar ta tafi gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Tukunya cikin tukunya

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. A shekarun 1990, wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wata dabara da ta dogara ga wannan ƙa'ida, har ta jawo masa lambar yabo ta Roleks a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tumatir da tattasai da gauta da kan lalace cikin 'yan kwanaki suna iya kai wa mako biyu ko fiye a ciki.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Ta fi aiki a bazara da hunturu lokacin da iska ke bushe. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sanyin kaɗan ne. Kuma ko a bushewar bazara, in waje ya kai digiri 40, da wuya cikin tukunyar ya sauka ƙasa da digiri 20. Wannan ya ishi tumatir, amma bai kusa da digiri 5 da nama ke bukata ba. Kada a ajiye ɗanyen nama ko kifi ko madara a ciki. Albasa ma ba wurinta ba ne, domin danshi na sa ta tsiro ko ta ruɓe.

Kammalawa

Malaman kimiyya na iya tabbatar wa ɗalibai wannan bayani da kuɗi kaɗan. A sami tumatir 12 masu nuna iri ɗaya, a raba su uku: kashi ɗaya a ƙulle a leda, ɗaya a faifai, ɗaya a tukunya cikin tukunya. Kullum da azahar a auna zafin kowane wuri, a rubuta ranar da kowane tumatir ya fara laushi ko tabo. Bayan mako biyu ɗalibai su kwatanta sakamakon.

A gida kuwa, sai a raba cefane gida biyu. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa na mako ne, in an zaɓa da kyau an ba su inuwa da iska. Ganye na kwana ɗaya ko biyu ne. Nama da kifi da madara kuwa na ranar ne, a saye su a ƙarshe, a dafa su da farko.