Yaushe Ake Ajiye Alƙalami a Kan Waƙa?

Duk wanda ya taɓa rubuta waƙa ya san daren nan: baitoci sun cika, amma hannu ya ƙi sakin takarda. A soke kalma, a mayar da ita, a sake sokewa. Gyara wajibi ne, sai dai akwai inda yake ƙarewa, abin da ya biyo baya kuma taɓe-taɓe ne kawai. Hanyar rarrabe su ita ce tambaya ɗaya: wane aibi nake gyarawa, kuma mene ne sunansa?

A rubutacciyar waƙar Hausa aibobin suna da sunaye. Ko dai karin ya karye, ko amsa-amo ya sauka daga harafinsa, ko ma'ana ta shige duhu, ko kuma wani baiti ya bar jigo ya kama gabansa. Bari in nuna da baiti ɗaya na wata ƙwar biyu da na yi a kan saukar damina. Da fari na rubuta ɗangon farko haka:

Ruwa ya sauko mun ga hasken gari

Da na rera, sai harshena ya yi tuntuɓe. Waƙar tana bisa karin Mutaƙarab ne, inda gaɓa mai sauƙi ɗaya take jan masu nauyi biyu. Gaɓar "sau" mai nauyi ce, ta zauna a gurbin mai sauƙi. Na cire "sauko" na sa "zubo", nan take ɗangon ya miƙe. Ɗango na biyu kuwa ya ƙare da "farin ciki", alhali waƙar duka da "ri" take sauka. Shi ma na san ciwonsa, na yi masa magani. Baitin ya koma haka:

Ruwa ya zubo mun ga hasken gari,
Manoma suna godiya ba fari.

Gaɓa 11 a kowane ɗango, kari ya zauna, amsa-amo ya dawo. A nan aiki ya ƙare, amma ban tsaya ba. Na sauya "godiya" da "murmushi". Nauyinsu ɗaya, don haka kari bai motsa ba. Washegari na mayar da "godiya", bayan kwana biyu na sake cire ta. Da za a tambaye ni laifin kowacce, ba ni da amsa. Wannan ita ce alama ta farko: idan gyara ya fara kai da kawowa tsakanin kalmomi biyu, har ka dawo inda ka taso, to waƙar ta riga ta gama.

Alama ta biyu ta fi haɗari. Na ga kamar "haske" ta cika saba wa kunne, sai na sa "annuri" don ado. Ɗangon ya koma gaɓa 12, karin da na sha wahalar daidaitawa ya sake karyewa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Idan kowane sabon gyara yana haifar da ɓarakar da babu ita jiya, marubuci ya daina gini, ya shiga rushewa.

Kunnen mai waƙa yana gajiya da waƙarsa, domin ya haddace ta, bakinsa kuma ya koyi tsallake ramukanta. Shi ya sa nake ajiye takarda mako guda, sannan in miƙa wa wanda bai taɓa jin ta ba ya rera. Inda ya tsaya, ko ya ja wasalin da ba na ja ba don muryar ta cika, nan ne akwai sauran aiki. Idan ya ratsa ta daga farko har ƙarshe ba gargada, kuma ya iya faɗa mini abin da take nufi, sai in rufe littafi.

Magabata sun ba wannan rufewa siffa. Malaman da suka yi waƙa a ajami sukan faɗi adadin baitocinsu a ƙarshe, su kawo ramzi, wato haruffan da lissafinsu yake ba da shekarar Hijira, sannan su ce tammat. Wanda ya ƙidaya baitocinsa a cikin waƙa ya ɗaure hannunsa da kansa, ba ragi ba ƙari. Idan kuma sabuwar magana ta zo, sai a ba ta nata wurin. Haka Aliyu Namangi na Zariya ya yi ta jera Imfiraji kashi bayan kashi. Tahamisi ma, inda wani yake ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, a kan kammalalliyar waƙa ake yin sa, ba a taɓa kalmomin mai ita.

Baitin damina na bar shi da "godiya", domin da godiya ga Allah waƙar take rufewa. Wannan dalili ne da zan iya faɗa da baki. "Murmushi" kuwa na rubuta ta a bayan littafi, tana jiran waƙar da za ta buƙace ta.