Gwajin ji na jarirai

Gwajin ji na jarirai bincike ne na 'yan mintuna da ake yi wa jariri bayan haihuwa domin gano matsalar ji tun kafin alamunta su bayyana. A cikin jarirai 1,000, ana haifar 1 zuwa 3 da raunin ji na dindindin. Da wuya iyaye su lura, domin jaririn da ba ya ji yana kuka da dariya kamar sauran jarirai.

Yadda ake gwajin

Hanya ta farko ita ce OAE. Ana sa ɗan abin sauti a kunnen jariri, a aika ƙara mai taushi. Idan kokiliya, wato sashen kunnen ciki mai siffar katantanwa, tana da lafiya, takan mayar da amsa kuwwa. David Kemp ne ya gano wannan a 1978. Hanya ta biyu ita ce AABR, inda ake manna wayoyi a fatar kai don auna yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Na'urar takan nuna PASS ko REFER. REFER ba ya nufin kurumta, domin ruwan haihuwa da ya rage a kunne a kwana biyun farko kan toshe sauti. Haka kuma OAE ba ya gano lalacewar jijiyar ji, wadda shawara mai tsanani kan haddasa. Saboda haka AABR ake yi wa jariran da suka kwanta a sashen kulawa ta musamman.

Ƙa'idar 1-3-6

Ƙa'idar ta samo asali daga Amurka: gwaji kafin wata 1, tabbatar da matsala kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Binciken Christine Yoshinaga-Itano a Colorado a 1998 ya nuna cewa yaran da aka gano matsalarsu kafin wata 6 sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙwarewa a harshe. Dalili shi ne a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke koyon bambance sautuka.

Misali, jaririyar da ta samu REFER ranar haihuwa za a sake gwada ta bayan 'yan makonni. Idan sakamakon bai canza ba, masanin ji zai auna girman raunin a wata na biyu, a sa mata na'ura a wata na uku.

Na'urori da koyon magana

Na'urar ƙara ji tana ɗaga sauti, musamman raunana irin su "s" da "f". Ana yawan canza robarta saboda kunne na girma. Idan tana yin fito, galibi robar ta yi sako-sako. Idan raunin ya yi tsanani har na'urar ta gaza, ana dashen kokiliya, wanda ke mayar da sauti siginar lantarki zuwa jijiyar ji kai tsaye. Amurka ta amince da yin sa daga wata 9 a 2020.

Na'ura kaɗai ba ta koyar da magana. Sai yaro ya sa ta duk lokacin da yake farke, ana yi masa hira da horo. Iyalai da dama kan haɗa da maganar hannu domin kada yaro ya rasa harshe.