Takardar uwa zuwa kotu: ina fayil ɗin ɗanta ya maƙale?

A ƙasar Hausa uwa ba ta cika kiran sunan ɗanta na fari ba. Amma ranar da ta zauna gaban mai rubuta mata takardar koke, dole ta faɗi sunan cikakke, ta faɗi ranar da aka kama shi da laifin da ake zarginsa da shi. Irin waɗannan iyaye mata suna da yawa a ƙofar kotunanmu, domin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce an kama wani saurayi ɗan acaɓa a watan Maris na 2021 bisa zargin fashi da makami. Bayan kwanaki a hannun 'yan sanda aka kai shi kotun majistare, aka karanta masa takardar zargi, alƙali ya ce a ajiye shi a gidan yari. Shekara uku ta wuce. Duk lokacin da uwar ta je kotu, ko dai a ce ba a kawo shi ba, ko a kira sunansa a ɗage zaman cikin minti biyu. Ta sayar da akuyoyinta a kuɗin mota da na abincin da take kai masa. Yanzu wani ya ba ta shawara ta rubuta wa kotu ta roƙi a gaggauta shari'ar.

Shawarar mai kyau ce, sai dai da sauran bayani. Abin da wannan baiwar Allah ba ta sani ba shi ne, shari'ar ɗanta ba a ma fara ta ba. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami ko kisan kai, waɗannan na Babbar Kotu ne. Abin da majistaren ya yi kawai shi ne ba da umarnin tsarewa kafin 'yan sanda su aika fayil ɗin bincike zuwa ma'aikatar shari'a, inda lauyoyin gwamnati da ke ƙarƙashin Antoni Janar za su duba su ba da shawara: ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babbar Kotu, ko babu a sallame shi. Idan ta aika wa majistaren takarda tana roƙon ya saurari shari'ar da wuri, ta roƙe shi abin da ba shi da ikon yi.

Saboda haka aikin farko bincike ne, kafin a ɗora alƙalami a kan takarda. A je wurin magatakardan kotun a karɓi lambar ƙarar, a ji abin da aka rubuta a zaman ƙarshe. A je sashen adana bayanai na gidan yarin a ga takardar umarnin da aka tsare shi da ita da kwanan watan da ke kanta. Sannan a leƙa ma'aikatar shari'a a yi tambaya ɗaya: fayil ɗin wane ya iso nan? Amsar wannan tambayar ita ce ke nuna wanda za a rubuta wa. Idan bai iso ba, yana hannun 'yan sanda ke nan, wataƙila an yi wa mai binciken canjin wurin aiki ya bar shi a durowa. Idan ya iso amma ba a ba da shawara ba, to Antoni Janar ake kai wa kuka, a aika wa Babban Jojin Jiha kwafi.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, bayan haka sai kotu ta nemi hukumomi su zo su bayyana dalilin da zai hana a saki mutumin. Ta kuma ba Antoni Janar kwana 14 ya ba da shawara bayan fayil ya iso gare shi. Wannan doka tana aiki ne a Abuja da kotunan tarayya, amma jihohi sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, don haka sai a duba adadin kwanakin da dokar jihar da abin ya faru ta ajiye. Ko ma nawa ne, lissafin makonni ake yi. Shekara uku ba ta cikin kowace doka.

An taɓa kai irin wannan magana gaban Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Yammacin Afirka da ke Abuja. Wani mai gyaran bodin mota ne aka kama a Legas a 2003, majistare ya tura shi Kirikiri bisa zargin fashi, aka manta da shi shekara tara ba a gurfanar da shi gaban kotun da ke da hurumi ba. A 2012 kotun ta yanke cewa tsarewar ta saɓa wa haƙƙinsa, ta ba da umarnin a sake shi, aka kuwa sake shi a shekarar.

To me ya kamata takardar uwar ta ƙunsa? A nan ne mafi yawan takardun ke ɓata. Zuciyar uwa takan kai ta ga rantsuwa cewa ɗanta bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, da labarin rashin lafiyarta da marayun da ke gida. Ba wanda zai ga laifinta, amma wanda zai karanta ba shi da damar yanke wa yaron hukunci a kan wasiƙa. Abin da zai iya aiki da shi shi ne kwanan wata. A rubuta sunan wanda ake tsare da shi, lambar ƙara, kotun, gidan yarin, ranar kamu da ranar tsarewa. A jera ranakun da aka ɗage zama da dalilin kowanne kamar yadda yake a littafin kotu. Sannan a nemi abu guda a fili: a fitar da shawara a kan fayil ɗin, a gurfanar da shi ko a sallame shi. Shafi ɗaya ko biyu sun isa. A yi kwafi, a miƙa ta ofishin karɓar takardu, a tabbatar an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ta koma da shi gida. Takardar da ba ta da hatimi, gobe ana iya cewa ba a gan ta ba.

Yanzu a ce takardar ta yi aiki, an shigar da ƙara a Babbar Kotu, amma nan ma tafiyar hawainiya ake yi: yau shaidu ba su zo ba, gobe babu motar da za ta kawo fursunoni. A wannan matakin wasiƙar uwa ƙarfinta ya ragu, domin ita ba ɓangare ba ce a shari'ar. Gwamnati ce ke ƙarar ɗanta. Kuma bai dace a aika wa alƙalin da ke sauraron shari'a wasiƙa ta bayan fage ba, duk abin da za a gaya masa sai ɗaya ɓangaren ya ji. Hanyar ita ce lauyan yaron ya shigar da buƙatar a gaggauta sauraro, ya haɗa da takardar rantsuwa, wadda uwar ma za ta iya yi a kan abin da ta sani da kanta. Lauyan zai dogara da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa shari'ar adalci cikin lokacin da ya dace, da kuma tanadin dokar 2015 cewa a riƙa zama kullum bayan an gurfanar da mutum, idan hakan bai yiwu ba kowane ɓangare kada ya nemi ɗage zama fiye da sau biyar. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar tarayya mai ba da lauyoyi kyauta, tana da ofisoshi a jihohi.

Akwai wani sashe da mutane ke yawan ambatawa, na 35, wanda ya ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Gaskiya ne, amma sashen da kansa ya cire waɗanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, fashi da makami kuwa yana ciki. Ƙofar da ta rage wa ɗan wannan uwa ita ce beli a Babbar Kotu. Dokar 2015 ta yarda alƙalin Babbar Kotu ya ba da beli a irin wannan laifi idan akwai dalili na musamman, kuma ta ambaci jinkirin bincike da gurfanarwa da ya wuce shekara ɗaya a cikin dalilan. Jerin kwanakin nan da uwar ta tara shi ne hujjar. Ba dole ne alƙali ya bayar ba, sau da yawa ma sai ya ƙi belin ya ba da umarnin a gaggauta shari'ar a madadinsa. Ni a ganina ko wannan riba ce, tunda daga ranar akwai umarnin kotu da za a riƙa tuna wa masu gabatar da ƙara.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. Idan haƙuri ya ƙare, dangi sukan so a rubuta wa Babban Joji a ce a ƙwace shari'ar daga hannun alƙalin a ba wani. A yi tunani sosai kafin a yi haka. Shari'ar laifi idan ta koma hannun sabon alƙali daga farko ake somawa, a sake karanta tuhuma, a sake kiran duk shaidun da suka riga suka yi magana. Haka ma idan alƙalin ya yi ritaya ko ya samu ƙarin girma. Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin barin alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ya dawo ya ƙarasa shari'ar da ya fara, amma a 2020, a shari'ar da ta shafi tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu, Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Idan shaidu huɗu cikin shida sun riga sun ba da shaida, gara a roƙi a sa ranakun zama kusa da kusa.

Babban Joji yana da wani iko dabam: yakan ziyarci gidajen yari ya saki wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ƙarara, ko wanda zaman jiransa ya wuce hukuncin da za a yanke masa da an same shi da laifin. Masu ƙananan laifuka ne suka fi amfana, amma ana shirya jerin sunaye tun kafin ranar ziyarar, kuma takardar uwa mai lambar ƙara da kwanan wata tana iya sa a ɗauko fayil ɗin ɗanta a duba.

Ya kamata kuma wani ya zaunar da ita ya gaya mata cewa gaggauta shari'a ba alkawarin sallama ba ne. Ana iya wanke shi, ana iya samunsa da laifi, hukuncin kuma mai nauyi ne. Shi ya sa kafin a miƙa kowace takarda sai lauya ya je gidan yarin ya gana da yaron, ya ga shaidun da gwamnati ta ce tana da su, ya ji ta bakinsa. Idan ya amince, uwar ta dangwala yatsa, ta karɓi kwafinta mai hatimi ta adana, bayan mako biyu ta koma ofishin da shi a hannu ta tambayi teburin da takardar ta kai.