Yadda Ake Rubuta Gajeren Barkwanci na Bidiyo

Gajeren barkwancin da ake kallo a TikTok, Instagram da Facebook yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Fina-finan camama irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, suna da sararin da ɗan wasa zai yi ta zuba zance har dariya ta zo. Bidiyon waya ba shi da wannan sarari, domin yatsan mai kallo yana kan gilashi, kuma da ya ji gundura zai ture ya wuce. Shi ya sa ake rubuta shi tun kafin a kunna kyamara, a gaɓa uku: shimfiɗa, hauhawa, da abin dariyar ƙarshe wanda ido zai gani.

Gogaggen marubuci daga ƙarshe yake farawa. Yakan fara samo hoton da zai fasa dariya, sannan ya dawo baya ya gina hanyar da za ta kai gare shi. A ɗauki misalin wasa mai daƙiƙa 45, wanda hotonsa na ƙarshe shi ne miyar kuɓewa tana zarara daga ƙarƙashin hular wani saurayi.

Shimfiɗa ba ta wuce daƙiƙa 8 ba. Saurayi yana zaune a zauren surukinsa, kansa a sunkuye, hularsa a karye ta kwanta. An ajiye tuwo da miya. Suruki ya ce, "Bismillah, matso mana." Saurayi ya ce, "Alhamdulillahi Baba, a ƙoshe nake." Nan take cikinsa ya yi ƙugi. Da wannan mai kallo ya san komai: ga yunwa, ga kunyar suruki. Ba a buƙatar sallama da doguwar gaisuwa, ko da yake a zahiri da su ake farawa. Abu ɗaya da ba a yarda a manta ba shi ne a nuna hular sarai, domin da ita za a yi aiki daga baya.

Hauhawa ita ce mafi tsawo, kamar daƙiƙa 27, kuma a nan yawancin masu rubutu suke tuntuɓe. Suna maimaita abu ɗaya sau uku su ɗauka sun hau, alhali a wuri ɗaya suke taka rawa. Dole kowane mataki ya fi na baya matsa wa ɗan wasa. A matakin farko suruki ya buɗe kwano, tururi ya bugi fuskar saurayi, ya haɗiye yawu. A na biyu aka ƙaro nama, suruki yana ci yana santi, saurayi ya kai hannu, suka haɗa ido, sai ya waske kamar ƙuda yake kora. A na uku suruki ya ce, "Tunda ka ƙoshi, bari in kira yara su ɗauke." Ya tashi ya shiga gida. Yanzu lokaci ma ya zama abokin gaba. Kyamara ta nuna idon saurayi a kan kwano, sai a yanke. Ba a nuna abin da ya aikata, domin ɓoye shi ne jarin wasan gaba ɗaya.

Daƙiƙa 10 suka rage. Suruki ya dawo ya tarar da kwano wayam, saurayi kuma yana zaune a natse. An ɗauko shi daga goshi zuwa ƙirji kawai. Ya durƙusa zai yi bankwana, kyamara ta ja baya, sai ga hular nan da ta kwanta ɗazu ta miƙe ƙiƙam, yauƙin kuɓewa yana saukowa ta goshi har kan hanci. Suruki ya dubi kwano, ya dubi hula. A nan ake yankewa. Bidiyon waya a tsaye yake, saboda haka ya dace da wannan hoto, muddin an bar fili a saman kan ɗan wasa.

A takarda, kowace fitowa tana da layinta: daƙiƙa nawa, me ake gani, wa ya ce me. Maganar wasan duka ba ta kai kalma 30 ba.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan wasa shi ne ƙarin bayani. Da suruki zai ce, "Au, a hula ka zuba?" ya ƙwace wa mai kallo daɗin ganowa da kansa. Haka ma barin kyamara tana aiki ana ta dariya da guje-guje bayan an ga miyar. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a kashe sauti a miƙa wa wanda bai san labarin ba. Idan bai yi dariya a kan hular ba, gyaran yana kan rubutu, kuma galibi daga shimfiɗa ne.