Farin Kaya da Ruwan Bilic: Inda Ake Kuskure

Da yawa daga cikin fararen kayan da suka koma rawaya-rawaya ba tsufa ne ya canza su ba, bilic ne. Ruwan bilic na kwalba, mai warin kulorin, auduga da lilin yake yi wa aiki. Idan ya taɓa siliki, ulu ko yadi mai roba, sai ya bar rawayar da ba ta fita har abada. Shi ya sa nake jin takaici in na ga ana tuttula shi kai tsaye a kan wuyan kaftani.

A fara wanke rigar da sabulu, domin gumin da ya maƙale a wuya da hammata ƙara rinewa yake yi in ya haɗu da kulorin. Sannan a zuba kamar cokali uku na bilic a bokitin ruwan sanyi mai lita goma, a motsa, kafin a tsoma rigar. Minti biyar zuwa goma ya isa. Barinta ta kwana a ciki cinye zaren yake yi, shaddar ta yi laushi ta fara yagewa a bakin aljihu. A ɗauraye sosai har warin ya tafi.

Kada a kuskura a gauraya bilic da ruwan tsami ko maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi guba ce ga huhu. Ruwan rijiya mai tsatsa ma ba ya shiri da shi, jan tabo yake fitarwa.

Rana kuwa tana ƙara wa auduga fari, a shanya rigar a cikinta. Amma da ta bushe a kwashe, musamman lokacin hunturu, kafin ƙura ta hau.