Na'ura Ta Karanta Inbois, Wa Zai Tabbatar Ta Karanta Daidai?

A ƙarshen kowane wata, teburin akawun babban shago ko kamfani yakan cika da takardun kuɗin kaya, waɗanda 'yan kasuwa ke kira inbois. Kowace takarda tana da layuka, kowane layi kuma yana ɗauke da abu huɗu: sunan kaya, yawansu, farashin guda, da jimlar kuɗin layin. Shigar da waɗannan cikin kwamfuta da hannu aiki ne mai cin rai, shi ya sa ofisoshi da dama suka koma ɗaukar hoton takardar da sikana, su bar manhaja ta karanta. Fasahar da ke mayar da hoton rubutu ya zama rubutun da kwamfuta za ta iya lissafi da shi ita ake kira OCR.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tesseract, ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su, an fara gina ta a kamfanin Hewlett-Packard a shekarun 1980, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005, sannan Google ya ɗauki nauyin inganta ta daga 2006. Tana karanta shafin littafi mai tsabta da kyau ƙwarai. Sai dai inbois ba shafin littafi ba ce. Idan harafi ɗaya ya ɓaci a cikin labari, mai karatu zai gane kalmar daga maƙwabtanta. Idan lamba 8 ta koma 3 a gidan yawan kaya, babu abin da zai nuna a fuskarta, domin 13 lamba ce lafiyayya kamar yadda 18 take.

Rabin aikin yana ƙarewa tun kafin manhaja ta ga takardar. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce a ɗauki hoton da ɗigo 300 a kowane inci. Ƙasa da haka, waƙafi da ɗigo sukan zama tabo iri ɗaya, ramin da ke cikin 6 da 8 kuma ya toshe. Dole takardar ta miƙe, domin idan ta karkata ko kaɗan, farashin da ke ƙarshen layi na biyu zai iya sauka daidai da farkon layi na uku, a haɗa kayan wani da kuɗin wani. Ga kuma ninkin aljihu da ya ratsa lambobi, da hatimin an biya da aka danna a kan jimla, da kofen kabon da ya dushe, da rasit na takarda mai santsi wanda zafi ke cinye rubutunsa. Rubutun hannu kuwa Tesseract ba don shi aka gina ta ba.

Bayan an gyara hoto, sai karatu. Ga umarnin da ake ba Tesseract:

```
tesseract inbois.png sakamako --psm 6 tsv
```

Ɓangaren `--psm 6` yana gaya mata ta ɗauki shafin a matsayin dunƙulen rubutu guda. Shi kuwa `tsv` yana sa ta fitar da jadawali wanda kowace kalma ke zuwa da matsayinta a kan takarda, wato `left`, `top`, `width` da `height`, sannan da wata lamba mai suna `conf`, wadda ke nuna yadda manhajar ta amince da karatunta, daga 0 zuwa 100. Matsayin nan shi ne abin da ake sake gina jadawalin inbois da shi. Kalmomin da tsayinsu daga saman takarda ya yi kusan daidai, layi ɗaya suke. Lambar da ta faɗo a ƙarƙashin kanun farashi, ta gidan farashi ce.

A nan ake yawan samun tuntuɓe. Sunan kaya mai tsawo yakan sauka zuwa layi na biyu, manhaja ta ɗauke shi sabon kaya marar farashi. Suna kamar ƙusa inci 3 yana ɗauke da lamba a jikinsa, kuma idan gidajen sun matsu, wannan 3 ɗin tana iya zamewa ta shiga gidan yawa. Maganin na farko shi ne a kafa doka cewa duk layin da ba shi da jimlar kuɗi ci gaban na samansa ne. Na biyu kuma sai an kiyaye iyakar kowane gida da kyau.

A ɗauki misalin shagon kayan gini da ya karɓi inbois mai layi huɗu daga dila. Abin da aka buga a takardar shi ne: fenti bokiti 18 a kan naira 23,500, jimla 423,000, ƙusa inci 3, kwali 12 a kan 8,750, jimla 105,000, kwanon rufi bandir 6 a kan 61,000, jimla 366,000, makullin ƙofa guda 40 a kan 4,150, jimla 166,000. A ƙasa an rubuta jimlar kaya 1,060,000, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Nijeriya ta koma kansa a watan Fabrairun 2020, ya kama 79,500, kuɗin biya gaba ɗaya 1,139,500.

Manhaja ta karanta, ta yi kuskure uku. Ta ba da jimlar ƙusa a matsayin `1O5,000`, da harafin O a madadin sifili. Ta ba da farashin makulli `4.150`, ɗigo a madadin waƙafi. Ta kuma ce fenti bokiti 13 ne, domin ninkin takarda ya share gefen hagu na lamba 8.

Na farko ba ya wahalar da kowa. Gidan kuɗi ba ya karɓar harafi, don haka duk inda harafi ya bayyana a ciki an san akwai matsala. O da 0, S da 5, B da 8, ƙaramin l da 1, duk sanannun 'yan rikici ne, har ma ana iya umartar Tesseract da kada ta fitar da komai a wannan gidan sai lambobi da waƙafi da ɗigo. Alamar naira ma sau da yawa takan fito a matsayin N ko wata alama daban, sai a cire ta kafin lissafi.

Sauran biyun sun fi haɗari, domin sun yi shigar lambobi na gaskiya. Mutane da yawa sukan dogara da `conf`, su ce a ware duk kalmar da makinta ya yi ƙasa a duba. Hakan yana da amfani, amma bai isa ba. Lambar 8 da aka share gefenta ta zama 3 sak a hoto, kuma manhaja tana iya ba da ita da maki mai yawa, tunda abin da ta gani ke nan. Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin inbois ɗin kanta: takardar tana faɗin gaskiya ɗaya ta hanyoyi da yawa, kuma dole hanyoyin su haɗu.

Gwajin farko shi ne yawa sau farashi ya ba da jimlar layi. A layin makulli, 40 sau 4.15 ya ba da 166, alhali takarda ta ce 166,000. Bambancin ninki dubu ne cif, kuma duk inda aka ga haka, ko ninki ɗari, zargi yana kan waƙafi da ɗigo. Wannan ya fi shafar ɗan kasuwar Kano da ke hulɗa da Maraɗi ko Damagaram, domin a tsarin Faransanci ana raba dubbai da fili ko ɗigo, waƙafi kuma shi ke raba lamba da ɓarinta. Manhajar da ba a gaya mata tsarin da dila ke bi ba za ta karanta kowane harafi daidai, ta fahimci kuɗin ba daidai ba.

Layin fenti ya fi daɗin bincike. 13 sau 23,500 ya ba da 305,500, ba 423,000 ba. An san akwai kuskure, amma a cikin lambobi uku wace ce mai laifi? Sai a kira gwaji na biyu: a tara jimlar layukan huɗu. 423,000 da 105,000 da 366,000 da 166,000 sun ba da 1,060,000, daidai da abin da aka buga a ƙasa, kuma kashi 7.5 na wannan ya ba da 79,500 ɗin da ke gidan haraji. Ke nan 423,000 ta fita daga zargi. Saura biyu. Idan aka raba 423,000 da 13, sai a sami 32,538 da ɓari, farashin da babu dilan da zai sa wa bokitin fenti. Idan aka raba ta da 23,500, sai 18 ta fito ba ragowa, kuma 18 da 13 sun bambanta ne a lamba ɗaya, wadda aka san tana rikicewa. Da kuskuren ya wuce, littafin sito zai nuna bokiti 13 alhali an biya kuɗin 18, kayan naira 117,500 su zauna a shago babu sunansu a ko'ina.

Gwajin tarawa yana da wata fa'ida da gwajin layi ba shi da ita. Idan manhaja ta tsallake layi ɗungurungum, ko shafi na biyu bai shiga sikana ba, duk layukan da suka rage za su ci gwajinsu lafiya. Jimlar ƙasa ce kaɗai za ta tona cewa akwai giɓi.

Ana son a bar ɗan sassauci na 'yan kwabbai saboda cike lamba, a kuma tuna da ragi, domin dila yana iya yin rangwame a layi ɗaya ya sa lissafin ya ƙi haɗuwa ba tare da laifin manhaja ba. Abin da bai kamata ba shi ne a bar manhaja ta gyara lamba da kanta a ɓoye. Wani lokaci karatun daidai ne, akawun dila ne ya yi kuskuren lissafi, kuma wannan magana ce da za a ɗaga waya a yi da shi. Tsari mai kyau yakan yanko hoton gurbin da ake zargi, ya ajiye shi gefen abin da aka karanta da abin da lissafi ke hasashe, mutum ya duba ya yanke hukunci. Akawun da a da zai buga lambobi goma sha biyar na wannan inbois, yanzu gurbi biyu ko uku kawai zai kalla.

Lissafi yana da iyaka. Ba ya ganin sunan kaya, ko kwanan wata, ko lambar inbois. Idan ƙusa inci 3 ta koma inci 8, kowace jimla za ta haɗu. Irin waɗannan sai an gwada su da wani abu na waje: jerin kayan da shagon ya san yana saye daga wannan dilan, takardar odar da aka tura, da takardar da mai sito ya sa wa hannu ranar da kaya suka sauka. Inda inbois ke ɗauke da lambar kaya mai lambobi 13 ta tsarin GS1, irin wadda kayan da aka yi wa rajista a Nijeriya ke farawa da 615, lamba ta ƙarshe an lissafo ta ne daga sha biyun farko, don haka kuskuren lamba ɗaya ba ya wucewa. Lambar inbois kuwa ana haɗa ta da sunan dila da kwanan wata da kuɗin biya a duba ko an taɓa shigar da irinta, domin takarda ɗaya da aka karanta lambarta iri biyu a rana biyu tana iya sa a biya dila sau biyu.