Yadda ake ƙiyasta nauyin sa ko akuya daga hoto kafin a biya kuɗi

A kasuwannin dabbobi na yankin Bodinga da Shagari, waɗanda ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, ciniki yakan tafi ne bisa ido da hannu. Dillali ya duba tsayuwar sa, ya taɓa haƙarƙari da gindin wutsiya, sannan ya yanke kuɗi. Wanda ya tsufa cikin sana'ar ba ya cika kuskure. Sai dai yau masu saye da yawa ba sa zuwa kara da ƙafarsu. Ma'aikatan da suka haɗa kuɗin watanda, da mahaucin da ke Sakkwato ko Kano, da mai neman dabbar layya, duk hoto ake turo musu ta waya, a ce su aiko da kuɗi. Hoto kuwa yana iya mai da matsakaicin sa bijimi, idan mai ɗauka ya durƙusa kusa da shi. Akwai lissafin da ke rage wannan ruɗin, muddin an san yadda ake yinsa da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Asalin lissafin

Gangar jikin dabba ta yi kama da ganga da aka kwantar. Abin da ganga ke ɗauka ya danganta da kaurinta da tsawonta, kuma kauri ya fi tasiri, domin sau biyu yake shiga lissafi. A kan wannan aka gina ƙa'idar da littattafan kiwo ke kira ƙa'idar Schaeffer. A asalinta da inci ake awo: a ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon jiki, a raba da 300, sai nauyi ya fito da laba. Idan da santimita aka auna, kuma kilo ake nema, ga yadda take:

nauyi = (zagayen ƙirji × zagayen ƙirji × tsawon jiki) ÷ 10,840

Zagayen ƙirji shi ne awon da ake samu idan aka zagaya tef ɗin tela a jikin dabba, daidai bayan ƙafafun gaba. A shanunmu masu tozo, irin su Bokolo da ya yi suna a ƙasar Sakkwato, tef ɗin yana bi ne ta bayan tozo, kada ya hau kansa. Tsawon jiki kuma ana ɗaukarsa daga ƙashin da ya turo a gaban kafaɗa zuwa ƙashin ɗuwawu da ke gefen gindin wutsiya. Kai da wuya da wutsiya ba sa cikin awon.

Abin da hoto ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

Hoton da aka ɗauka daga gefe yana nuna tsawon jiki sarai. Yana kuma nuna zurfin ƙirji, wato daga gadon baya zuwa ƙasan ƙirji a bayan ƙafar gaba. Amma zagayen ƙirji ba ya fitowa a hoto, domin faɗin dabbar daga haƙarƙarin dama zuwa na hagu yana ɓoye. Dole a ƙiyasta shi daga zurfin.

Ƙirjin saniya ba kewayayye ba ne kamar faifai. Ya fi kama da ƙwai a tsaye, zurfinsa ya fi faɗinsa. Zagayen irin wannan siffa ana kusantar sa ta hanyar haɗa zurfi da faɗi, a raba biyu, a ninka da 3.14. A ɗauka sa yana da zurfin santimita 65 da faɗin 43. Jimlarsu 108, rabinta 54, kuma idan aka ninka da 3.14 za a sami kusan 170. Ke nan zagayen ya ninka zurfin kusan sau 2.6. Wannan lamba tana sauyawa da ƙibar dabba. San da aka turke yana cin dusa da harawa haƙarƙarinsa ya buɗe, lambarsa ta haura. Wanda ya sha wahalar bazara kuwa ya matse, tasa ta sauka. Saboda haka mai sayen shanu a kai a kai zai amfana idan ya auna dabbobi goma da tef, ya ɗauki hotonsu, ya raba zagayen kowace da zurfinta, ya riƙe matsakaicin abin da ya samu a matsayin lambarsa.

Sandar awo da wurin tsayuwarta

Hoto ba shi da ma'auni sai an sa masa. Abin da ake buƙata shi ne sanda mai tsawon mita ɗaya cif, a tsayar da ita a miƙe daf da dabbar, ko dai a gaban ƙirji ko a bayan wutsiya. Sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci shi ne nisan sandar daga waya ya zama daidai da nisan tsakiyar bayan dabbar.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke nesa yana ƙanƙancewa a hoto. A ɗauka mai hoto yana tsaye mita huɗu daga sa, sai aka ja sandar baya da rabin mita. Sandar za ta fito gajeriya, kuma duk awon da aka yi da ita zai ƙaru da kashi 12.5 cikin ɗari. Tunda awo uku ake ninkawa, ƙarin yana hawa kan ƙari har nauyin ya kumbura da fiye da kashi 40 cikin ɗari. San da bai wuce kilo 356 ba sai ya koma na 500 a takarda. Gane wannan ba wuya. A dubi ƙasa a hoton: gindin sandar ya kamata ya sauka tsakanin layin kofatan da ke kusa da na nesa. Idan ya fi kofatan nesa hawa sama a hoton, an ja sandar baya, sai a nemi wani hoto.

Sauran sharuɗɗan kaɗan ne. Mai hoto ya ja baya kamar mita huɗu ko biyar, domin hoton kusa yana kumbura abin da ke tsakiya. Ya riƙe wayar daidai tsayin haƙarƙarin dabbar, yana fuskantar tsakiyarta. Dabbar kuma ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ƙafafu huɗu a ƙasa, ba ta karkace ba. Idan ta juya gabanta ko bayanta ga mai hoto, tsawon jiki zai ragu.

Misali da san Bokolo

A ɗauka dillali ya turo hoton san Bokolo daga Bodinga. Mai saye ya buɗe hoton a babban allo ko ya buga shi a takarda, ya ɗauko rula. Sandar mita ɗaya ta fito santimita 8 a hoton. An raba 100 da 8, an sami 12.5, wato kowane santimita na hoto yana wakiltar santimita 12.5 a jikin sa.

Daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin ɗuwawu rula ta nuna 10.8, wanda ya ba da tsawon santimita 135. Daga bayan tozo zuwa ƙasan ƙirji ta nuna 5.2, wato zurfin santimita 65. A nan ake yawan kuskure da Bokolo, domin yana da fata mai reto a ƙarƙashin wuya da gaban ƙirji da kuma wajen cibiya. Wannan fata ba ta cikin zurfin. A tsaya inda ƙashin ƙirji ya ƙare.

Zurfin 65 sau 2.6 ya ba da zagayen santimita 169. An ninka 169 da kansa an sami 28,561, an ninka da 135 an sami 3,855,735, an raba da 10,840, nauyi ya fito kusan kilo 356.

Kada a riƙe wannan lamba kamar sikeli ne ya faɗe ta. Da san ramamme ne, lambarsa 2.5, da nauyin ya tsaya wajen kilo 329. Da kuma mai ƙiba ne, lambarsa 2.7, da ya kai 384. Ko kuskuren milimita ɗaya a rula wajen auna zurfi yana jawo bambancin kusan kilo 14. Amsar gaskiya ita ce san yana tsakanin kilo 330 da 385. Wannan ya isa a gane cewa mai cewa ya kai 450 ya yi zuƙu, kuma ya isa a kwatanta shanu biyu da aka ɗauka hoto iri ɗaya. Masu watanda su tuna cewa abin da ke saura bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki kusan rabin nauyin dabba ne, kuma da ƙashi a cikinsa. Bambancin kilo 50 a raye ya kai kusan kilo 25 a wajen rabo.

Akuya da bunsuru

Ana amfani da ƙa'idar ga awaki ma. Jar akuyar Sakkwato mai zagayen ƙirji santimita 66 da tsawon 60 za ta ba da 261,360, wanda idan aka raba da 10,840 ya zama kilo 24. Amma a ƙaramin jiki ƙaramin kuskure babba ne: ƙarin santimita biyu a zagaye yana mai da ita kilo 25 da rabi. Ga shi akuya ba ta tsayuwa wuri ɗaya. Tunda kama ta ba wuya, ya fi dacewa a sa mai sayarwa ya zagaya mata tef, ya ɗauki hoton tef ɗin a jikinta ana ganin lambar. Haka ma sa mai haƙuri: hoton tef a ƙirji ya fi ƙiyasin zurfi nesa ba kusa ba, sai a bar wa hoton gefe aikin tsawon jiki kaɗai.

Inda lissafin ke gazawa

Ƙa'idar ba ta san abin da ke cikin tumbi ba. Dabbar da aka ɗura wa ruwa da dusa kafin a kai ta kasuwa tana cika ido, shi ya sa awon safe kafin ci da sha ya fi aminci. Ba ta dace da saniya ko akuya mai tsohon ciki ba, haka nan ƙananan maruƙa da siffarsu ba ta gama daidaita ba. Tozo ma ba ya cikin awon, alhali yana da nauyinsa.

Wajen magani ne ya kamata a fi yin hattara. Allurar ivermectin mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari ana yi wa shanu ita ne mililita ɗaya ga kowane kilo 50, don haka san kilo 356 zai buƙaci kimanin mililita bakwai. Idan aka rage ƙiyasi, maganin ba zai kashe tsutsar duka ba, kuma waɗanda suka tsira su ne masu jure masa nan gaba. Idan aka zarce da yawa, musamman a ƙananan dabbobi, wasu magungunan na iya cutarwa. Duk dabbar da za a yi wa allura tana hannu, saboda haka a auna ta da tef kai tsaye, kuma a bar wa malamin dabbobi ya yanke adadin.